Awara a cikin kofi: abin da aikin shago ya koya mini game da tsinkewar madarar tsirrai

Ƙorafin da ya fi dawo mana daga tebur a shagon kofin da nake aiki a Abuja guda ɗaya ne: "Malam, madararku ta lalace." Idan ka leƙa kofin sai ka ga farin gudaji ƙanana suna yawo a sama, ruwan ƙasa kuma ya koma tsararo mai duhu. Kusan kullum mai kofin madarar waken suya ya nema, wani lokaci ta almon, jefi-jefi ta hatsin ot. Kuma sau tari yanzun nan aka fasa kwalin, lafiyarsa ƙalau.

Wanda ya taɓa tsayawa kan mai yin awara ya riga ya ga wannan abu da idonsa. Takan tace markaɗen wake, ta ɗora ruwan a wuta har ya tafasa, sannan ta kawo ruwan tsami, ko na tsamiya, ko lemon tsami, ta riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Nan da nan farin ya haɗe jikinsa ya taso, ruwan ya ware gefe. Zafi da tsami ta haɗa da gangan. Kofi kuwa yana zuwa da su duka biyun ba tare da an roƙe shi ba. Don haka mai zuba madarar waken suya a baƙin kofi mai tururi, awara yake haɗawa, illa dai a ƙaramin mazubi.

Ga yadda abin yake a ciki. Farin da ke cikin madarar waken suya furotin ne da ɗigon mai ƙanana sosai, suna rataye a ruwa. Abin da ya hana su mannewa da juna shi ne kowane ƙwayar furotin yana ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya da na maƙwabcinsa, sai suna ture juna. Tsami yana cinye wannan caji. Ana auna tsami da ma'aunin pH, inda 7 take tsaka-tsaki, kuma duk yadda lamba ta yi ƙasa tsamin ya ƙaru. Madarar waken suya tana zaune tsakanin 6.5 da 7. Baƙin kofi yana kusa da 5. Furotin ɗin waken suya yakan rasa cajinsa gaba ɗaya a wajen 4.5, amma ba ya jira a kai can: idan da zafi, tun pH tana gangarowa ƙasa da 6 ya fara dunƙulewa. Zafin shi ne ke warware jikin furotin, ya fito da sassan da ke son mannewa, ya kuma sa ƙwayoyin su riƙa karo da juna da sauri. Shi ya sa madarar da ta tsinke a kofi mai zafi takan zauna lafiya a kofi mai ƙanƙara, ko da waken kofin ɗaya ne.

Madarar shanu ma tana tsinkewa, furotin ɗinta yana dunƙulewa a pH 4.6. Sai dai nata yana jure zafi ƙwarai, kuma Allah ya hore mata sinadarin fosfet da ke shanye tsami kafin ya yi ɓarna. Ta tsirrai ba ta da wannan garkuwa sosai sai an ƙara mata.

Babban abin da na koya, wanda ya canza yadda nake aiki, shi ne yawan madarar da ke fuskantar tsamin ya fi komai tasiri. Mu ɗauki kofi biyu daga inji ɗaya. A kowanne an matso esfireso, wato kofi mai ƙarfi da inji ke tatsowa, mai ninki biyu, wajen giram 36. Na farko latte ne, an zuba masa madarar waken suya mililita 200. Na biyu Amerikano ne, an ƙara masa ruwan zafi mililita 180, sannan mai shi ya ce a ɗiga masa madara kaɗan, kamar cokali biyu, mililita 30. Tsamin da ke cikin kofunan nan ɗaya ne, tunda kofin da aka matso ɗaya ne. A latte, madara mai yawa ta raba tsamin a tsakaninta, pH ta haura sama, babu abin da ya faru. A Amerikano kuwa, cokali biyu ne suka faɗa cikin kofi cike da ruwa mai tsami da zafi. Ba su da ƙarfin ɗaga pH ɗin, su ne ma kofin ya janyo ƙasa, kuma cikin ƙiftawar ido suka ɗauki zafinsa. Sai gudaji.

Wannan ne ya sa mai cewa "ɗan kaɗan kawai" ya fi kowa haɗuwa da matsalar. Akwai wata hajiya da ke zuwa da safe, ba ta shan madarar shanu, kuma ba ta son kofinta ya yi fari. Ranar da ta maido da shi na ce mata, "Hajiya, ki ba ni minti biyu in sake haɗa miki, da wannan kwalin dai." Ta ce, "Ɗan nan, kwalin da ya lalace?" Na zuba madarar a gabanta a ƙoƙon gilashi, na ƙara ruwan zafi zalla, ta gauraye sumul. Sannan na haɗa mata wani ta hanyar da muke bi yanzu. Madara ce ke fara shiga kofi, mililita 50 maimakon 30. Amerikanon yana gefe a buta yana shan iska na minti ɗaya zuwa biyu. Sai a riƙa tsiyaya shi a kan madarar a hankali, ana juyawa da cokali. Ta haka madarar ba ta taɓa samun kanta ita kaɗai cikin tsami mai yawa ba. Tsamin ne ke isowa da kaɗan-kaɗan, tana shanyewa, zafin ma yana hawa a sannu. Kofin ya ɗan fi wanda ta saba haske, amma bai tsinke ba.

Gwajin ruwan zafin nan yana da amfani ga kowa, domin shi ke raba madarar da kofi ya tsinka da wadda ta fara lalacewa da gaske. Idan ta yi gudaji a ruwan zafi zalla, ko ta canza wari, ko kwalin ya kumbura, a zubar. Idan ta gauraye, laifin na haɗin ne, kuma kofin da ya tsinke ta wannan hanya ba ya cutarwa, muni ne kawai a ido da ɓarɓashi a harshe. Akwai kuma ta tsakiya, wadda ba ta kai ga wari ba amma ƙwayoyin cuta sun fara tsamar da ita. Irin wannan ta riga ta yi rabin tafiya, kofi ƙarasa ta kawai yake yi. Inda wutar lantarki ke ɗaukewa firji ya huce ya sake sanyi, kwali yakan kai wannan mataki kafin kwanakin da aka rubuta a jikinsa su cika. Shi ya sa muke rubuta ranar fasa kwali da alƙalami a murfinsa.

Shi kansa kofin ba duka ɗaya ba ne. Waken kofin da aka soya sama-sama, musamman na Kenya da na Habasha masu ɗanɗanon 'ya'yan itace, sun fi saurin tsinka madara. Wanda aka soya ya yi duhu, irin na Brazil ko na Sumatra, yakan yi sassauci, domin doguwar suya tana ƙone wani ɓangare na asid ɗin da ke kawo tsamin. Kofin da aka dafa aka bari a kan wuta ko a fulas na awanni tsaminsa ƙaruwa yake, don haka abin da ya haɗu lafiya da ƙarfe takwas na iya tsinkewa da sha ɗaya. Ruwa ma yana da hannu. Kalsiyam da maganiziyam suna ɗaure furotin ɗin waken suya da juna, da su ne ma ake haɗa awara a China da Japan, saboda haka ruwan burtsatse mai nauyin ma'adinai yana iya ƙara ingiza madarar.

A wajen dumama madara da tururin inji, ta shanu takan jure har digiri 65 ko ɗan sama. Ta waken suya ina tsayar da ita tsakanin 55 da 60. Idan ta wuce, kumfarta takan yi tauri ta bushe tun a buta, kuma da ta taɓa esfireso sai ta kekkece. Kwastoman da ya ce yana so "da zafi sosai" nakan ɗauraye masa kofin da tafasasshen ruwa tukuna, in bar madarar a inda take. Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan sanyin madarar firji, wai girgizar sanyi da zafi ce ke tsinka ta. A ganina an ba wannan bayani girman da ya fi shi. Madara mai sanyi idan tana da yawa kuma ita aka fara zubawa ba ta ba ni matsala, mai ɗumi kuma idan ɗigo ce a kofi mai tsami tana tsinkewa.

Sauran biyun kowacce da halinta. Madarar waken suya tana da furotin wajen giram 3 a kowace mililita 100, shi ya sa gudajinta manya ne. Ta almon ba ta wuce rabin giram, yawancinta ruwa ne, don haka nata tsinkewar siraran zare-zare ne da idon mai a sama da ɓarɓashi a gindin kofi. Ga shi ba ta da ƙarfin shanye tsami, cokali biyu ko huɗu duk kusan ɗaya ne, sai dai a rage zafin kofin. Ta ot, mai kusan giram 1, ita ce mafi haƙuri. Amma wadda aka markaɗa a gida tana da wata matsala daban: sitacinta yana kumbura idan zafi ya kai wajen digiri 60, sai ta yi kauri da yauƙi. A masana'anta ana sa mata sinadarin da ke farfasa sitacin ya koma sukari, daga nan ne zaƙinta yake fitowa ko ba a ƙara sukari ba.

Kwalayen da aka rubuta wa Barista ba yaudarar talla ba ce zalla, ko da yake kuɗinsu ya fi. Juya bayan kwalin ka karanta. Yawanci za ka ga difotasiyam fosfet, ko lambarsa E340, wanda aikinsa shanye tsamin kofi, wato garkuwar nan da madarar shanu ta zo da ita. Wasu suna da E418, wani ɗanko da ke hana ƙwayoyin zama ƙasa, ga kuma ƙarin man girki don kumfa. A shago su muke ba masu Amerikano da masu kofin Habasha.

Mai haɗa madarar waken suya a gida ba shi da E340, amma yana da soda ta girki, wato bekin soda. Ɗan abin da yatsa biyu suka tsunkula, a narkar a ruwan kofin kafin a haɗa shi da madara, yakan isa. Idan ta yi yawa kofin zai yi ɗanɗanon sabulu, ƙamshin 'ya'yan itacen da aka biya kuɗi dominsa kuma ya dushe. An tambaye ni ko kanwa za ta yi. Tana kashe tsami, amma ƙarfinta ya bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, kuma ɗanɗanonta yana fitowa fili a kofi, don haka ban ba da shawararta ba. Kafin a kai ga soda, a girgiza madarar sosai, a tace ta da ƙyalle mai laushi idan ta gida ce, a ƙara yawanta, a fara zuba ta, a bar kofin ya sauka zuwa wajen digiri 70.