Faɗin hoto da umarnin hani: abin da aikin bidiyo ya koya mini

Kafin in rubuta wa manhajar AI mai ƙirƙirar hoto ko kalma ɗaya ta umarni, wato bayanin hoton da nake so, siffar hoton nake fara tsayarwa. Bidiyon da za a kalla a kwance 16:9 ne, na tsaye irin na waya kuma 9:16. Idan aka samar da hoto mai fiksel 1024 a kowane gefe, aka zo yanka shi ya dace da 16:9, tsayin da zai rage 576 ne kawai. Kusan rabin hoton ya tafi ke nan, kuma sau da yawa kan mutum ko ƙafafunsa ne ke tafiya.

Sai dai faɗi yana zuwa da tasa matsalar. A ce fitowar tana buƙatar masunci shi kaɗai a bakin teku. Da zarar hoton ya yi faɗi, fili zai buɗe dama da hagu, manhajar kuwa sai ta cike shi. Sai ka ga masunta biyu masu fuska ɗaya, ko kwalekwale mai tsawon da ya wuce hankali. Wannan ya fi faruwa a manhajar Stable Diffusion 1.5, domin a kan hotuna masu fiksel 512×512 aka horar da ita. A SDXL, samfurin Stable Diffusion da ya zo daga baya, nakan zaɓi 1344×768, in ɗaga shi zuwa faɗin 1920, sannan in aske fiksel 17 daga tsayinsa ya koma 1080.

A nan umarnin hani ke shigowa, wato akwatin da aka rubuta wa `Negative prompt`. Sunan abin da ba ka so kaɗai ake sawa a ciki. Idan ka rubuta `no crowd` a babban umarni, kalmar `crowd` manhajar za ta kama, ta iya jawo maka taron da kake gudu. A Midjourney, wata manhajar ƙirƙirar hoto, `--ar` ke tsayar da siffar hoton, `--no` kuma shi ne hanin, haka nake rufe umarnin:

```
--ar 16:9 --no crowd, text, watermark
```

Abin da ya fi amfanar da ni shi ne gane cewa hani ba ya cike gurbi. Ka hana mutane, filin yana nan, wani abin zai shiga. Don haka a babban umarni nake faɗin abin da ke gefen: masunci a hagu, yashi da ruwa zalla a dama. Filin nan ne ma ke ba ni damar tafiyar da hoton a hankali wajen tace bidiyo.

Ba na ɗauko dogon jerin hani na wasu. Hoton farko nake fitarwa ba hani, in duba aibinsa, in ƙara kalma ɗaya, lambar `seed` kuma, wadda ke tsayar da mafarin hoton, ba ta canjawa, don in san abin da kalmar ta yi. Idan hanin bai yi komai ba, `CFG` nake dubawa, wato ma'aunin yadda manhajar ke bin umarni, domin idan yana kan 1, Stable Diffusion ba ta aiki da umarnin hani sam.