Kafin ka ja igiyar janareta, san nawa yunit ɗaya yake tsaya maka

Na yi kusan shekara biyu ina jin haushin kuɗin wutar kamfani, alhali abin da yake cinye mini ribar shago yana nan a bayan ƙofa yana ruri. Ƙannena masu shirin buɗe shago, ko waɗanda suka buɗe kwanan nan, wannan kuskuren nake so ku tsallake, domin ni sai da jarina ya fara ja da baya na gane shi.

Shagon nawa ƙarami ne. Akwai firiza ɗaya, firjin lemo mai ƙofar gilashi, fanka, ƙwan fitila huɗu, da wurin cajin waya. Kuɗin wuta nakan biya shi a dunƙule, shi ya sa yake yi mini ciwo. Shi kuwa mai, kullum sai in zaro daga aljihun tebur in ba yaro ya sayo, ban taɓa rubutawa ba. Da aka ƙara kuɗin wuta sai na fusata, na bar mita babu kati har kwana tara, na ce gara in ƙona mai da in biya wannan farashi. A cikin kwanakin nan taran na kashe abin da ya fi kuɗin wutar wata huɗu. Wani dattijo mai gyaran inji ne ya zaunar da ni. Ya tambaye ni lita nawa injina yake sha a awa, da kuma nauyin da yake ɗauka. Ko ɗaya ban sani ba. Ya ce, "Ɗana, to da me kake gwada su?"

Kamfani yana sayar maka da wuta ne da yunit, wato abin da ake rubutawa kWh a fuskar mita: kayan da suke jan wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Mai kuma da lita ake saye. Ba a gwada lita da yunit sai an mayar da su awo ɗaya, kuma lambobi biyu kawai ake bukata.

Ta farko ita ce nauyin shagonka. Kada ka dogara da abin da aka rubuta a jikin kaya, domin firji ba ya jan wuta kowane lokaci, kwamfuresarsa tana tashi tana hutawa. Ranar da akwai wuta, ka kunna kayan da ka saba kunnawa, ka rubuta abin da mita ta nuna, bayan awa huɗu ka sake dubawa. Nawa yunit biyu ya ci a awa huɗu, wato rabin yunit a kowace awa, wat 500 ke nan.

Ta biyu ita ce shan man injin. Ka cika tanki zuwa wata alama da kake iya gani, ka ɗora masa waɗannan kayan, ya yi awa biyu. Ka kashe shi, ka bari ya huce (kada ka taɓa zuba mai a inji mai zafi), sannan ka mayar da man zuwa alamar da gorar da ka san awonta. Injina mai 2.5 kVA ya sha lita 1.4 a awa biyu, wato 0.7 a awa. Ina tsugune da gorar a hannu na yi lissafin: rabin yunit yana cin lita 0.7, ashe kowane yunit ɗaya lita 1.4 yake ci.

Na daɗe ina zaton wanda ya ɗora wa inji kaya kaɗan zai sha mai kaɗan daidai gwargwado. Ba haka abin yake ba. Janareta irin na gama-gari dole ya riƙa juyawa sau 3,000 a minti don ya ba da wuta mai 50 Hz, ko ƙwai ɗaya ka kunna ko ka cika shi da kaya. Wannan juyawar kanta tana shan mai mai yawa kafin ya ba ka komai. Injin da aka rubuta wa 2.5 kVA abin da yake iya ɗauka kamar wat 2,000 ne, ni kuwa kwata kawai nake ɗora masa. A lita ɗaya ta fetur akwai ƙarfin da ya kai kimanin yunit tara, amma mafi yawansa zafi yake zama ya fita ta salansa. Ƙaramin injin fetur, ko yana cikin lafiya kuma an ba shi nauyin da ya dace, da wuya ya fitar da fiye da yunit biyu daga lita. Saboda haka yunit ɗin janareta ba ya sauka ƙasa da kimanin rabin kuɗin lita, tun ba a zo maganar gyara ba.

Farashi yana canzawa daga wuri zuwa wuri, daga wata zuwa wata, don haka zan yi misali da lambobi masu sauƙi, kai kuma ka sa naka. A ce litar fetur 100 ce, yunit ɗin kamfani kuma 20. Awa ɗaya ta janareta ta ci man 70. Amma mai ba shi kaɗai ba ne. Baƙin mai ana canza shi duk bayan awa 50 zuwa 100, kuma irin wannan injin yana ɗaukar kamar lita 0.6. Idan ka haɗa shi da fulogi, da wankin kafireta, da igiyar da takan tsinke, a ce 10 ne a kowace awa. Sai kuɗin injin kansa, wanda kusan kowa yake mantawa. Idan ka saye shi 30,000 kuma ka ƙiyasta zai yi maka awa 2,000 kafin ya gaji, kowace awa tana cin 15 daga jikinsa. Jimla 95 a awa. Wutar kamfani, da waɗannan kayan, a wannan awar, 10 ce. A yunit kuma na janareta 190 ne, na kamfani 20.

Dubi abin da wannan yake nufi ga fushin da na yi. Ko da kamfani ya ninka farashinsa, awa ɗaya ta koma 20, har yanzu bai kai kwatan kuɗin janareta ba. Sai yunit ya kusa ninka kuɗin litar fetur kafin injina ya yi daidai da shi. A wata guda da nake samun wuta awa shida a kullum, in yi awa shida da inji, kuɗin wutar da nake kuka da shi 1,800 ne, janareta kuma 17,100, wanda 12,600 daga ciki na mai ne zalla. Ban taɓa ganin wannan adadin a dunƙule ba, domin 420 yake fita kullum.

Wani abu da za ku kula da shi a ɓangaren kamfani: farashin da aka sanar ba lallai shi ne wanda kake biya ba. Akan ɗora haraji, wani wurin akwai tsayayyen kuɗi na wata, wani lokacin ana cire tsohon bashi. Ka raba abin da ka biya da yawan yunit ɗin da ya shiga mitarka, wannan ne farashinka na gaskiya. Wanda ba shi da mita, ana yi masa kuɗin ƙiyasi, shi ma ya iya lissafin: ya riƙa rubuta awannin da aka ba shi wuta na wata guda, ya ninka da nauyin shagonsa, ya raba kuɗin takardar da abin da ya samu. A nan ne kaɗai na ga wutar kamfani tana iya matsowa kusa da janareta a tsada, idan wutar ba ta zuwa amma takarda tana zuwa. Maganin wannan neman mita ne.

Da na gane haka sai tambayar ta canza. Idan akwai wuta babu abin gwadawa. Tambayar tana zuwa ne lokacin da aka ɗauke: wannan awar da zan tayar da inji, za ta kawo mini abin da ya fi 95? Kuma riba nake nufi, ba ciniki ba. Nan ma na taɓa ruɗar kaina, ina ganin cinikin 500 in ce ya biya mai, alhali ribar da take ciki ba ta wuce 60 ba. Har ila yau ba duk ribar awar za ka ƙirga ba, sai wadda ba za ta samu ba in babu wuta. Mai sayen sabulu da rana zai saya ko fanka tana juyawa ko ba ta juyawa.

Na yi mako biyu ina rubuta cinikin kayan sanyi awa-awa a bayan littafin bashi. Da hantsi ribar ba ta kai kuɗin injin ba ko sau ɗaya. Daga la'asar zuwa bayan duhu kuwa takan ninka shi biyu ko fiye. Sai na daina tayar da shi da safe. Firiza idan ta yi sanyi sosai kuma ba a yawan buɗe ta, tana riƙe sanyinta awanni masu yawa, don haka na jera gorunan ruwa a ƙasanta su daskare lokacin da akwai wuta, na kuma hana buɗe ta sai da dalili. Awa shida ta koma uku. Injin ya ɗan ƙara shan mai a waɗannan awannin saboda firjin suna aiki ba hutawa, amma kuɗin wata ya sauka kusan rabi, ciniki kuma bai ragu yadda za a lura ba. Idan kana ajiye abin da yake lalacewa, kamar nama ko madara, wannan dabarar tana da iyaka: kayan da suka narke suka ɗumama asara ce da ta fi man awa uku, kuma haɗari ne ga mai saye.

Za ka ce me ya hana in sayi ƙaramin inji tun farko. Na gwada, kuma shi ne kuskurena na ƙarshe. Kwamfuresa tana jan ninki uku ko fiye na wutarta a daidai lokacin da take tashi. Ƙaramin injin da na aro sai ya shaƙe, fitilu su dushe, firiza ta yi ƙara ta yanke ba tare da ta tashi ba. Wannan alama ce ta cewa wutar ba ta ishe ta ba, kuma idan aka ci gaba kwamfuresar ce take ƙonewa. Abin da ya fi mini shi ne cika babban injin. Na ja wa maƙwabcina waya, nauyi ya koma wat 1,500, shan mai ya tashi zuwa lita 1.1 kawai a awa. Kaya sun ninka uku, mai bai ko ninka biyu ba. Awar ta zama 135, yunit ya sauko daga 190 zuwa 90, ni da nake jan kashi ɗaya cikin uku nake biyan 45. Muka yi ƙa'ida: ba a tayar da firji biyu lokaci ɗaya, kuma idan aka sauya daga wutar kamfani zuwa inji a jira minti biyar kafin a kunna su. Injin kuma a waje yake zama, nesa da ƙofa da taga, domin hayaƙinsa yana kashe mutum a rufaffen wuri.

Awon gorar nan nakan maimaita shi duk bayan wata uku. Ranar da na ga lita 1.1 ta zama 1.4 ba tare da mun ƙara kaya ba, na buɗe matatar iska na same ta a toshe da ƙura, fulogi kuma ya yi baƙi ƙirin. Na wanke matatar, na canza fulogi, washegari awo ya dawo 1.1.