Yadda na gano masu dawowa sayen turarena

Turaren wuta da humra nake sayarwa ta WhatsApp da Instagram, kuma kowace oda ina rubuta ta a Google Sheets: rana a layin A, lambar waya a B, kaya a C, sai D inda nake sa "an biya" ko "an fasa". Abin da na so sani shi ne, cikin masu saya, su wa ke dawowa.

Suna ba ya tantance mutum. Mace ɗaya yau Maman wane ce, gobe Hajiya, jibi sunan shagonta. Lambar waya ce abin riƙo, ita ma sai an gyara ta, domin wani lokaci da 0 take farawa, wani lokaci da +234, wani lokaci kuma Sheets ya haɗiye sifilin. Lambobi goma na ƙarshe ne ba sa canzawa a layukan Najeriya, don haka su na ciro a layin E:

```
=RIGHT(SUBSTITUTE(B2," ",""),10)
```

A G2 na sa `=UNIQUE(E2:E)`, kowace lamba ta fito sau ɗaya.

Inda na fi daɗewa shi ne tantance abin da zan kira dawowa. Wadda ta sayi humra da safe, da la'asar ta ce a ƙara mata kwalbar turare, ba dawowa ta yi ba, ciniki ɗaya ne. Saboda haka ranakun da mutum ya biya na ƙirga, na bar odar da aka fasa:

```
=COUNTUNIQUEIFS(A:A,E:E,G2,D:D,"an biya")
```

Duk wadda ta sami 2 ko fiye, ta dawo. Amma in akwai awa da minti a jikin ranar, sai an cire su, in ba haka ba safe da yamma za su zama biyu.

Mutum 180 suka biya, 54 suka dawo, kashi 30 cikin ɗari ke nan. Sai dai 30 daga cikin 180 ɗin ba su yi wata biyu da fara saya ba, turarensu ma bai ƙare ba, balle a ce sun guje ni. Da na ware su, sai ya zama 51 cikin 150, wato kashi 34. Wannan na fi yarda da shi.

'Yan sari kuma na ba su shafinsu daban, domin yawan odarsu na danne na masu sayen amfanin gida. Akwai wadda ke yin oda da wayar maigidanta in katinta ya ƙare. Irin wannan, adireshin kai kaya ne ya nuna min, na haɗe lambobin da hannu.

Yanzu kowane farkon wata ina duba waɗanda suka saya sau biyu sannan suka yi shiru wata uku, in gaishe su, in tambaya ko turare ya ƙare.