Sabon batir, amma caji bai daina zuba ba: abin da shafin Battery usage ya nuna

Har yanzu ina jin takaicin kuɗin da kawuna ya kashe wajen sauya batirin da lafiyarsa ƙalau. Wayarsa mai batir 5000 mAh tana kwana da caji 100, da asuba ta wayi gari a 62, ba wanda ya taɓa ta. Wani mai gyara ya ce batir ne, aka sa sabo, zubar ba ta ragu ko kaɗan ba. Da aka kawo mini ita nan Gusau, na hana a jona ta caji, domin wayoyi da yawa suna share lissafin da zarar batir ya cika. Na shiga Settings, Battery, Battery usage.

WhatsApp ne a saman jerin da 29%. Kawu na gani ya ce, "To ga ɓarawon nan, goge shi." Na ce, "Ku dakata Kawu, lambar nan ba abin da kuke zato take nufi ba." A wasu wayoyin, kason da ke gaban manhaja na batirin gaba ɗaya ne, a wasu kuma kaso ne daga abin da ya riga ya zube. Hanyar ganewa ita ce ka tara lambobin duka, har da na tsarin waya: in sun kusa 100 alhali batirin bai ƙare ba, to rabon abin da ya zube ne. Tasa irin ta biyun ce. Abin da ya zube 38, kashi 29 cikin ɗari na 38 kuwa wajen 11 ne. Saura 27 fa?

Jerin farko manhajoji kawai yake nunawa. Sai da na buɗe ɓangaren tsarin waya, wanda wasu ke rubuta wa Show system apps, wasu View by systems, sannan na ga Mobile network standby da 41%, wato kusan 16 cikin 38 ɗin. Kawu yana kwana a ƙauye bayan Bunguɗu, da sim biyu a waya. Idan ƙarfen sabis ya yi nisa, waya tana ƙara ƙarfin abin da take aikawa don ya ji ta, in layin ya yanke kuma ta yi ta lalube, kowane sim da nasa laluben. Duk wanda yake Zamfara a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa, ya ga yadda caji ke ƙarewa a wayar da ko kira ba ta yi. Da suka koma gida na sa ɗansa ya duba SIM status a ƙarƙashin About phone. Sim na biyu yana nuna -116 dBm, na farko -104. A 4G, wajen -85 sabis ne mai kyau, daga -110 zuwa ƙasa wahala ce kawai wayar take sha.

Shi ma 11 ɗin WhatsApp daga nan ya samo asali. Na taɓa sunansa, ya nuna minti 6 a kan allo, fiye da awa 5 a Background. Wannan bambancin nake fara dubawa a kowace manhaja. Wadda ta ci da yawa saboda ka yi awa uku kana kallon bidiyo ta ci halalinta, hasken allo ne da data. Wadda ta ci da yawa allo a kashe ita ake bincika. Da misalin ƙarfe 2 na dare WhatsApp ke adana hirarraki, a wayar Kawu kuma an kunna Include videos tare da ɗorawa ta data. Bidiyoyin wa'azi da na biki sun taru, ɗorawar da za ta ƙare cikin mintuna a sabis mai kyau sai ta kwana tana yankewa tana sake farawa, wayar ba ta samu ta yi barci ba.

Na kashe Include videos, na mayar da ɗorawa sai da Wi-Fi, na nuna musu yadda ake kashe sim na biyu da dare. Ban sa WhatsApp a Restricted ba, wato saitin da ke hana manhaja aiki a Background, kuma ban ba kowa shawarar haka, don saƙo zai riƙa makalewa sai an buɗe manhajar. Zubar dare ta dawo 7.

Gwajin da zai hana asarar kuɗin batir kyauta ne: a sa waya a Airplane mode ta kwana. In ta zubar da 2 ko 3 kawai, ba batir ne ke jawo zubar dare ba, a nemi matsalar a sabis ko manhaja. Batirin da ya mutu da gaske alamarsa daban a zanen da ke saman shafin Battery usage: layin yana gangarowa a hankali, sai ya faɗo tsaye daga 30 ko 20 wayar ta ɗauke, ko kuma bayan wayar ya kumbura, abin da muke yawan gani bayan zafin Afrilu. Zanen Kawu gangara ce miƙaƙƙiya daga dare har asuba, babu faɗuwa ko ɗaya.