Abin da na koya a gaban kwandansa kafin na bar aikin tasha

Yanzu da na miƙa makullan ofis na bar aiki a ɗaya daga cikin tashoshin wutar tururi da ke gaɓar Bahar Maliya, ina so in rubuta wa 'yan'uwanmu matasa, 'ya'yan Hausawan Jidda da Makka da ke shiga wannan aiki, bayani a kan lambar da aka fi yi mana bulala da ita, wato ingancin tasha. Duk wanda ya zauna a taron wata-wata ya san yadda ake yi: a nuna cewa daga zafin man da aka ƙona kashi 37 cikin ɗari ne kawai ya fita a matsayin wuta, sannan a waiwayo ana kallon masu aikin kwana kamar su suka sha ragowar.

Mudirin da na yi aiki a ƙarƙashinsa yana da lissafi guda da ya haddace tun jami'a, iyakar ingancin da na'urar zafi za ta iya kaiwa, da ta samo asali daga aikin Sadi Carnot na 1824, wadda ake rubutawa 1 − Tc/Th da ma'aunin Kelvin, inda Th yake zafin da na'ura ke karɓar wuta a kansa, Tc kuma zafin abin da ake sanyaya ta da shi. Tururinmu yana shiga tabain, injin da tururi ke juyawa ya juya janareta, da zafin digiri 540, wato 813 a Kelvin, ruwan tekun da muke sanyaya shi da shi kuma yana wajen digiri 30, wato 303. Lissafin yana ba da kusan kashi 63. Sai ya rubuta 63 a allo, ya rubuta 37 a ƙarƙashinta, ya ja layi. Lissafin daidai yake, amma lissafin wata na'ura ce da ke karɓar zafinta gaba ɗaya a digiri 540, kuma tukunyar tururi ba haka take aiki ba.

Ruwa yana shiga tukunyarmu da zafin digiri 250 ko kusa da haka. Ana ɗumama shi har ya kai wajen 350, inda yake tafasa a matsin 165 a ma'aunin bar, kuma a wannan tafasa yana shan zafi mai yawa ba tare da ma'aunin ya motsa ba. Sai bayan ya zama tururi ne ake ƙara masa wuta ya hau zuwa 540. Idan aka haɗa wannan tafiya duka, har da mayar da tururin tukunya da ake yi a sake ɗumama shi bayan ya fito daga sashen farko na tabain, matsakaicin zafin da ruwan ya karɓi wuta a kansa bai wuce wajen digiri 370 ba. A ɗaya gefen ma haka abin yake, domin tururi ba ya komawa ruwa a zafin teku. Dole ya fi ruwan sanyaya zafi kafin zafin ya ratsa bututu, saboda haka yana narkewa a wajen digiri 42. Idan aka mayar da 370 da 42 Kelvin, wato 643 da 315, aka sa su a lissafin mudir ɗin nan dai, abin da zai fito kashi 51 ne. Ke nan kashi 12 sun tafi tun ba a taɓa ko maɓalli ɗaya ba.

Mai tambaya zai ce me ya hana a ƙara wa tururin zafi, tunda harshen wutar da ke cikin tukunya ya haura digiri 1,500. Ƙarfe ne ya hana. Bututun da ke ɗauke da wannan matsi, idan ya daɗe cikin zafin da ya wuce ƙarfinsa, yana miƙewa a hankali har ya fashe, shi ya sa ko sababbin tashoshin da aka gina da ƙarfe mai tsada suke tsayawa a wajen digiri 600, ingancinsu kuma ya tsaya a wajen kashi 45.

Daga 51 zuwa 37 hanya ce ta asarori da kowa ya sani. Gogayyar tururi da fikafikan tabain, da yoyon da yake yi ta gefensu, da ɗigon ruwan da ke dukan layin ƙarshe, suna sauko da mu wajen 45. Hayaƙin da ke fita ta bututun sama yana tafiya da fiye da kashi ɗaya cikin goma na zafin man, kuma ba mu isa mu sanyaya shi ƙasa da wajen digiri 150 ba, saboda baƙin man da muke ƙonawa yana da farar wuta, idan hayaƙin ya huce sai asid ya sauka ya cinye ƙarfe. Wannan ya kai mu 40. Fanfunan ruwa da fankokin iska da asarar janareta su ɗauki nasu, a tsaya a 37.

Abin da ya raba ni da mudir ɗin ya faru ne a wani bazara, lokacin da ingancin ya faɗi da fiye da kashi ɗaya, ya rubuta takardar gargaɗi a fayil ɗina cewa rukunina yana sakaci da tukunya. Na ɗauko bayanan kwandansa, wato inda ruwan teku ke sanyaya tururin da ya fito daga tabain ya koma ruwa, na jera su. A watannin sanyi ruwan teku yana shigowa a digiri 25, ya fita a 33, tururi kuma ya narke a 37, matsin da allo ke nunawa wajen 6 a ma'aunin kPa. A bazarar ruwan yana shigowa a 33, ya fita a 41, saboda haka da komai lafiya yake, da tururin ya narke a 45. Amma a 50 yake narkewa, matsi ya haura 12 kPa.

Waɗannan lambobi suna faɗin mai laifi ga wanda ya iya sauraronsu. Digiri takwas na farko na teku ne, babu wanda ya isa ya yi musu komai. Ƙarin zafin da ruwan yake ɗauka tsakanin shiga da fita bai canza ba, wanda ke nuna fanfunan suna turo ruwa yadda ya kamata. Da iska ce ke kutsawa cikin kwandansa, da an ga iskar oksijin ta ƙaru a ruwan da ke taruwa a ƙasansa, an kuma ga ruwan ya fi tururin sanyi ƙwarai, kuma ba a ga ko ɗaya ba. Abin da ya canza shi ne tazarar da ke tsakanin tururi da ruwan da ke fita, wadda ta tashi daga digiri 4 zuwa 9, kuma wannan alamar bututun da gansakuka da ƙananan halittun teku suka lulluɓe ce. Wanke bututun kuwa mudir da kansa ya ɗage shi, don kada a rage wuta a lokacin da gari ke kunna na'urorin sanyaya ɗaki dare da rana.

Na kai masa takardun na ce, "Ranka ya daɗe, fiye da rabin abin na teku ne da Allah ya ɗumama, sauran kuma na wankin da aka ɗage ne." Ya duba, ya ce shi sakamako yake so, ba darasi ba. Ban ce ɗage wankin ba shi da hujja ba, domin wata rana gara a ƙona ƙarin mai da a bar unguwanni cikin duhu a zafin Agusta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya yanke shawara sannan ya rubuta kuɗinta da sunan wani. Da aka wanke bututun a farkon sanyi, tazarar ta koma 4, kuma babu wanda ya sake ɗaga maganar.

Sauran abin da zan bar muku kaɗan ne. Kada ku kwatanta ingancin Agusta da na Janairu sai kun gyara lissafin da zafin teku. Ku riƙa lura da zafin hayaƙi, domin idan ya hau a hankali, toka ce ta taru a bututun tukunya. Duk shawarar da aka ba ku da baki a kan ɗage gyara, ku rubuta ta a littafin aiki da ranarta da sa'arta. Takardar gargaɗin nan tana nan a fayil ɗina har ranar da na fito, ban kuma roƙi a cire ta ba.