Rabe ruwan toka da farin da ya tsufa a takardar da aka yi wa sikanin

'Yan uwa masu koyo, ga inda na kai da aikin tsofaffin takardu a wannan makon. Takardar cinikin gona ce wani dattijo daga wajen Ƙofar Marusa ya kawo, an buga ta da tafireta, akwai hatimi mai ruwan bula, a gefe kuma an rubuta sunayen shaidu da fensir da ajami. Takardar ta yi rawaya, gefunanta sun fi tsakiya. Ba abin mamaki ba ne, takarda mai araha da aka yi da niƙaƙƙen itace haka take yi idan ta daɗe tana shan iska da haske, sai ta riƙa shanye shuɗin haske.

Matsalar tana ƙasan sunayen. Akwai dishi-dishi guda biyu da ido ba ya iya tantancewa: ragowar fensir ne, ko jirwayen damshi? A allon kwamfutata duk ɗaya suke, balle da rana idan hasken taga ya bugi allon. Don haka na bar ido na koma ga lambobi.

A manhajar gyaran hoto ta GIMP na ɗauki Color Picker, na kunna Sample average don kada ɗigo ɗaya ya ruɗe ni, na taɓa wurin da babu rubutu kusa da dishin. Ya ba ni R 232, G 221, B 188, wato ja da kore da shuɗi. Kun ga shuɗi ya faɗi ƙasa sosai, rawayar ke nan. An koya mana cewa ruwan toka na gaskiya lambobinsa uku daidai suke, amma a kan irin wannan takarda ba za ka taɓa samun haka ba, domin fensir ba ya rufe takarda, rage haskenta kawai yake yi, rawayar tana leƙowa ta ƙarƙashinsa.

Dabarar ita ce a raba kowace lamba ta dishin da takwararta ta takardar. Na farko ya ba ni 162, 155, 132. Da na raba, sai na samu 0.70 a duka ukun. Wannan fensir ne, ya rage ja da kore da shuɗi bai ɗaya. Na biyu ya ba da 214, 194, 150, wato 0.92, 0.88, 0.80. Shuɗin ya fi sauran raguwa, ashe takardar ce ta ƙara tsufa a wurin, ba rubutu ba ne. Wannan lissafin ko a wayarka ka yi shi.

Wajen cire rawayar, kada wanda ya fara da Desaturate. Rawayar za ta koma ruwan toka mai haske, fensir da jirwaye su zama launi guda, shaidar da za ka rabe su da ita ta tafi. Abin da na yi shi ne Colors > Levels, na bi Red da Green da Blue ɗaya bayan ɗaya, a Input Levels na sauke 255 zuwa lambar takardar a kowanne. Takarda ta yi fari, fensirin ya zauna wajen 178 a duka ukun, jirwayen kuma ya fito fili da rawayarsa. Idan ƙuraje-ƙurajen takarda sun rage, a ƙara saukewa da huɗu ko biyar, amma a hankali, domin fensirin da ya dushe sosai shi ke fara ɓacewa.

Gefuna ne suka ƙi, tunda lambarsu daban. A nan na koma kan hoton asali na yi masa Duplicate Layer, a na saman na maimaita Filters > Generic > Dilate har rubutun ya nutse, na bi shi da Gaussian Blur mai yawa, sannan na mayar da Mode ɗinsa Divide. Rabawar nan ce dai da muka yi da hannu, sai dai yanzu kowane wuri ana raba shi da launin takardar da ke kewaye da shi. Sakamakon ya fi na Levels kyau nesa ba kusa ba, jirwayen ma ya ragu. Amma tana da illa: abu mai faɗi kamar hatimi ko hoton fasfo Dilate ba ya iya haɗiye shi, sai a ɗauke shi a matsayin takarda, cikinsa ya koɗe. Hatimin nan sai da na shafe wurinsa da launin takardar a kan na saman kafin na yi Gaussian Blur.

Duk wannan sai idan an yi sikanin mai launi. Masu shago da yawa baƙi da fari suke dannawa don sauri, ka ce musu mai launi, 300 dpi, a kashe gyaran launin da na'ura ke yi da kanta, a adana a TIFF ko PNG. Na asalin a ajiye shi daban ba a taɓa ba, musamman takardar gona da wata rana za a iya nema gaban alƙali. Mako mai zuwa zan gwada wata takarda mai jan biro.