Abin da takardar gayyata ta koya mini a baje kolin sana'o'in matasa

A ƙungiyar matasan unguwarmu a Kano ni ake ba aikin rubutu, don haka da aka yanke shawarar yin baje kolin sana'o'i, takardar gayyata a kaina ta faɗo. Na zauna na rubuta ta yadda na saba ganin katin biki da na saukar karatu. Sunan ƙungiya a sama da manyan baƙaƙe, sai "na farin cikin gayyatar ɗaukacin al'umma", sai jerin uban taro da shugaban taro da babban baƙo mai jawabi da baƙi na musamman. Can ƙasa na sa cewa za a yi "gagarumin taron tallafa wa matasa da sana'o'in dogaro da kai ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe tara na safe". Kwamiti ya karanta, kowa ya yaba, domin kowa ya ga sunan mutumin da yake so a girmama.

Ranar taron ta nuna mana kurakurai uku. Asabar ɗin ita ce ta ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli a Kano, wadda ake hana zirga-zirgar ababen hawa da safe har zuwa ƙarfe goma. Masu sana'ar da muka gayyato ba su iso da kayansu ba sai wajen sha ɗaya. Waɗanda suka zo da wuri da ƙafa suka zauna a rana suka gaji suka tafi. Na biyu, saƙon ya ci gaba da yawo a WhatsApp bayan an gama taron, har wasu suka zo Asabar ta gaba suka tarar da fili babu kowa, saboda "Asabar mai zuwa" kullum tana nan tafe ga wanda saƙo ya iske a makare. Na uku shi ne wanda ya fi damuna. Mutane da yawa sun zo da kwafin katin shaidarsu da lambar asusun banki a rubuce a takarda. Wata dattijuwa ta riƙo hannun jikarta ta same ni ta ce, "Ɗan nan, ina ake rubuta sunan masu karɓar keken ɗinki?" Na ce, "Baba, ba a raba keke, koyarwa za a yi." Ta ce, "To ai tallafi kuka ce." Gaskiyarta. A kunnen mutanenmu tallafi abu ne da ake miƙa maka a hannu, kuɗi ko keke ko injin markaɗe ko buhun taki. Ni na rubuta kalmar ina nufin taimako, su kuma suka karanta ta da ma'anar da suka sani, kuma ta biya kuɗin adaidaita sahu na mutum biyu a kan wannan ma'anar.

Da za mu sake yi a 2023, muka zaɓi 15 ga Yuli, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2014 don sana'o'in matasa. A shekarar ta faɗo ranar Asabar, kuma a tsakiyar wata, ba ruwanta da shara. Kafin in rubuta ko kalma ɗaya na tafi kasuwar waya ta Farm Centre wurin wani mai gyara da ya yarda zai zo da teburinsa. Na karanta masa tsohuwar takardar. Ya saurara har ƙarshe sannan ya ce, "Malam, yaron da ke zaune a dakali, me zai koma gida da shi in ya zo? Ban ji ba." Na ce zai ƙaru da ilimi. Ya ce, "Wane ilimi? Ni in ka ba ni yaro na awa ɗaya zan nuna masa yadda ake buɗe waya ba a fasa ta ba, da yadda ake canza wurin caji. Wannan za ka rubuta."

Daga nan na fahimci cewa amfanin taro ba a rubuta shi da kalmomin da ke cikin takardar neman kuɗin ƙungiya. "Dogaro da kai", "bunƙasa tattalin arziki", "rage zaman banza" duk gaskiya ne, amma manufar masu shirya taro ce, kuma ta ƙarshen ma tana da zafi ga wanda ake gayyata, don babu mai son a kira shi ɗan zaman banza sannan a ce ya zo. Abin da ke tayar da matashi daga inda yake shi ne aiki da zai iya hango hannunsa yana yi. Sai na bi masu sana'ar ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: a cikin awa ɗaya, me baƙo zai yi da hannunsa a teburinka? Telar ta ce zai yanka kuma ya ɗinke jakar hannu ƙarama ya tafi da ita. Mai sola ya ce zai haɗa faranti da batir da ƙwan fitila har ya kama. Mai sabulu ta ce za a haɗa sabulun ruwa a gaban kowa, a zuba wa kowa a 'yar gora. Waɗannan amsoshin su suka zama layin farko na gayyatar, sunayen manyan baƙi kuma suka koma kan wasiƙun da aka kai musu hannu da hannu. Ba a rasa masu ƙorafi a kwamiti ba, kuma na fahimce su, don girmama manya ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Amma babban baƙo wasiƙarsa ce ke kawo shi, ba saƙon da ke yawo a wayoyin samari ba.

Maganar rana ba ta da wuya in an kula. Sunan rana, kwanan wata, shekara, lokacin farawa da lokacin tashi, duka a layi ɗaya. Na ƙara kwanan watan Musulunci, 27 ga Zulhajji 1444, saboda iyaye da dama da shi suke lissafi, kuma makonni biyu da 'yan kwanaki ne bayan babbar salla, mutane sun dawo daga ziyara. Lokacin tashi ya fi yadda nake zato muhimmanci. Uba ko miji da za a nemi izininsa, tambayarsa ta farko ita ce yaushe za a dawo. Da na rubuta cewa za a tashi ƙarfe uku, kafin la'asar, kuma mata na da ɓangarensu da mata masu koyarwa, na ba yarinya amsar da za ta bayar a gida ba tare da ta yi ta kame-kame ba. Yuli kuma tsakiyar damina ce, sai na faɗa ƙarara cewa a cikin azuzuwa za a yi, ko an yi ruwa ba a fasa ba.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne dalilin zuwa, wanda da farko na ɗauka shi da amfani abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Mutum zai iya yarda cewa gyaran waya sana'a ce mai kyau, amma ya ce zai koya wata rana, ko ya kalla a waya, ko abokinsa ya je ya ba shi labari. Dole takarda ta faɗi abin da sai wanda ya zo da ƙafarsa a wannan ranar zai samu. Namu ya fito ne daga bakin masu sana'ar da kansu. Shida daga cikinsu sun ce suna neman yaran da za su koya a shagonsu, kuma ba sa ɗaukar yaro sai sun gan shi, sun ga yadda yake riƙe kayan aiki, sun yi magana da wani babba nasa. Wannan shi ne dalilin, kuma na gaskiya ne. Wani ya ba da shawarar mu rubuta cewa mutum hamsin na farko ne kawai za su shiga, don a yi rububi. Na ƙi, saboda ba mu da niyyar korar kowa, kuma wanda aka yi wa ƙaryar ƙarancin wuri sau ɗaya ba zai sake yarda da takardarmu ba.

Ga yadda gayyatar ta fito a ƙarshe:

"Zo ka gwada sana'a da hannunka, kyauta. Ka buɗe waya ka canza wurin caji, ki ɗinka jaka ki tafi da ita, ku haɗa fitilar sola, ku ga yadda ake sabulun ruwa. Ranar Asabar, 15 ga Yuli 2023, daidai da 27 ga Zulhajji 1444, daga ƙarfe goma na safe zuwa uku na rana, a azuzuwan firamaren unguwa, bayan masallacin Juma'a. Masu sana'a shida za su zaɓi waɗanda za su koya a shagunansu, kuma sai wanda suka gani ido da ido a ranar. Mai son a ɗauke shi ya zo da mahaifi ko wani babba nasa. Mata na da ɓangarensu da mata masu koyarwa. Ko an yi ruwa ba za a fasa ba. Ba a raba kuɗi ko kaya, ba a kuma biyan ko sisi."

Jimlar ƙarshen nan an yi gardama a kanta. Wasu sun ce za ta rage jama'a. Na ce tabbas za ta rage, amma waɗanda za ta rage su ne waɗanda da sun zo za su tafi da ɓacin rai.

Sai kuma hanyar aikawa, wadda ita ma ta canza rubutun. Mun yi hoto mai kyau, amma na lura mutane da yawa suna kashe saukar hotuna don tattalin data, don haka ko da yaushe muka tura rubutun zalla tare da hoton. Na karanta shi a saƙon murya a hankali saboda iyayen da ba sa karanta boko. A saƙon tes kuma na ci karo da abin da ban sani ba: saƙo ɗaya na ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70, kuɗin aikawa ya ninka. A nan kaɗai na haƙura da lanƙwasar baƙaƙe, na kuma zaɓi kalmomin da ba za su rikice ba in babu ita. Gwajin ƙarshe da na yi shi ne na karanta wa ƙanena ɗan shekara goma sha bakwai sau ɗaya, na ajiye wayar, na tambaye shi me za a yi, yaushe, a ina, kuma me ya sa zai je. Karon farko ya faɗi rana amma ya manta wurin, sai na ƙara "bayan masallacin Juma'a". Karo na biyu ya amsa duka.

Ranar taron jama'a ba su kai na farko yawa ba, amma babu wanda ya tambaye ni inda ake rubuta suna don karɓar kaya. Wajen ƙarfe biyu na ga wani dattijo tsaye a gefen teburin mai gyaran waya, ɗansa na zaune da ƙaramin sukurdireba a hannu, su biyun manya suna tattauna ƙarfe nawa yaron zai riƙa zuwa shago daga ranar Litinin.